Rabon riba da mai jari: FIFO ko matsakaicin farashi?

Mai Shago Kawo: Assalamu alaikum. Na sayi buhun shinkafa 100 a kan naira 60,000, daga baya na ƙara 100 a kan 80,000, kuma na sayar da 120 a kan 90,000 kowanne. Manhajar lissafina tana neman in zaɓi FIFO, wato kayan da suka fara shigowa su ne ke fara fita, ko matsakaicin farashi, ga shi ƙarshen wata za mu raba riba da mai jari. Wanne ya dace?

Hajiya Tudun Wada: Ɗana, fara fitar da tsohon kaya kafin ƙwari su shiga.

Akanta: Hajiya, ba tsarin sito yake tambaya ba. Malam, a FIFO za a ɗauka buhunan da ka saya a kan 60,000 ne suka fara fita, sannan 20 daga sababbin, don haka kuɗin kayan da aka sayar ya zama 7,600,000, riba kuma 3,200,000. A matsakaici kowane buhu ya tsaya 70,000, riba ta sauko 2,400,000. Bambancin 800,000 yana cikin ƙimar buhu 80 da suka rage, amma kuɗin da ke asusunka bai canja ba.

Baban Siminti: Irin wannan ribar ce ta karya ni bayan cire tallafin mai a 2023. Abokin kasuwancina ya dage mu raba abin da littafi ya nuna, ya karɓi rabonsa, da na koma saro kaya kuɗin bai cika rabin mota ba. Har yau idan mun haɗu a masallaci gaisuwa kawai muke yi. Malam, mayar da buhu 120 a kan 80,000 zai ci 9,600,000, saboda haka 1,200,000 kaɗai za ku iya taɓawa ba tare da shagon ya rame ba.

Ɗan Kakuri: Wa ya sayar maka a 80,000? Ban samu haka ba. Matsakaici kuwa ai haɗa farashi biyu ne a raba biyu.

Akanta: Nan ya yi daidai ne don yawan buhunan ɗaya ne, da sun bambanta, sai an raba jimillar kuɗi da jimillar buhuna. IAS 2, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta lissafin kayan sayarwa, ta yarda da hanyoyin biyu, amma ba a sauya su duk lokacin da aka ga dama.

Baban Siminti: Ranka ya daɗe, wanda bai taɓa saro mota da kuɗinsa ba ya bar mu da shawara.

Ɗan Kakuri: Alhaji, wanda ya saro ɗin ma mun ji yadda ta kaya.

Hajiya Tudun Wada: Ni abin da ke damuna dillalin da na biya tun kafin tashin farashi, ya riƙe kayana, yanzu yana neman ciko. A wane farashi zan rubuta waɗannan buhunan?