Ruta daga Kano: a hoto kaɗai, za a gane ko tana karɓar layinmu na nan?

Baban Nana, Ali Ɗan Sofo: Assalamu alaikum, ƴan uwa. Ƙanena da ke Kano ya turo mini wannan hoton na wata farar ruta da maƙwabcinsa yake so ya sayar, ni kuwa ina neman wadda zan sa a shagona na buga takardu a nan Maradi. Da sunan Huawei a gabanta, da kuma tambarin wani kamfanin sadarwa na Najeriya. Wace iri ce, kuma za ta karɓi layinmu na Nijar? Ban biya ba tukuna.

Malam Sani mai gyaran waya: Wa alaikumus salam, Baban Nana. Daga surarta, farar mai tsayuwa da ƴan fitilu a jere, tana kama da B310 ko B315, amma fuska ba ta isa a yanke hukunci ba, domin Huawei ta yi na'urori da yawa a kan wannan zubi. Ka ce wa ƙanenka ya ɗauko hotuna biyu. Na farko bayanta, inda ake cusa wayoyi: idan ramin kebul ɗin intanet guda ɗaya ne, B310 ce, idan huɗu ne a jere har da ramin USB, to B315 ce. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ƴar takardar da ke manne a jikinta, a ɗauke ta kusa kuma cikin haske, saboda a can ne aka rubuta cikakken sunanta a layin da ke cewa Model. Idan za ka sako hoton a nan, ka rufe lambar IMEI mai alƙaluma 15 da kalmar sirrin wifi, ba abin bajewa a bainar jama'a ba ne.

Maganar karɓar layi kuwa, babu hoton da zai nuna ta. Kullen ba a jikin robar yake ba, a cikin manhajar na'urar yake, har ta kai ruta biyu masu suna ɗaya da kama ɗaya, wannan a buɗe, waccan a kulle. Tambarin kamfani alama ce mai ƙarfi cewa a kulle ta fito daga shago, amma ba ya faɗa mana abin da aka yi mata bayan nan.

Maman Abdul, Zariya: Ni a ganina abin bai kai haka wuya ba. Ai akwai kamfanin da ke aiki a ƙasashen biyu da suna guda, idan tambarinsa ne a jikinta sai ka sayi layinsa na nan ka sa, shi ke nan.

Malam Sani mai gyaran waya: Hajiya, a nan ne mutane da dama suke yin asara. Na'urar ba ta karanta sunan kamfani, lambar da ke cikin layin take dubawa, kuma farkon wannan lamba ta ƙasa ce: ta Najeriya 621, ta Nijar 614. Saboda haka rutar da aka kulle a kan layin kamfani na can tana iya ƙin layin wannan kamfanin na nan, duk da suna ɗaya da launi ɗaya. An sha kawo mini irinsu daga hanyar Jibiya, mai ita yana rantsuwa cewa ai kamfanin guda ne.

Alhaji na Bagalam: Ɗana, idan kulle ce damuwarka, akwai ɗan rami a bayanta da aka rubuta Reset, ka sa tsinken ashana ka danna har fitilu su ɗauke. Haka jikana ya yi wa tamu da muka manta lambar sirri, nan take ta buɗe.

Baban Nana: Na gode, Baba Alhaji. Ga hoton takardar ya iso, an rubuta B310s-22, kuma rami ɗaya ne a bayan, kamar yadda Malam Sani ya ce.

Malam Sani mai gyaran waya: Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, wannan dannawar tana mayar da kalmar sirri zuwa wadda ke kan takarda, amma ba ta taɓa kullen layi, ko sau goma aka danna.

Baban Nana, wannan 22 ɗin da ke ƙarshe labari ne mai daɗi. Ita ce nau'in da ke kama 4G a kan mita 800, 900, 1800, 2100 da 2600 MHz, waɗanda aka fi amfani da su a Turai da Afirka. Akwai ƴan uwanta masu wata lambar a ƙarshe da aka yi wa wasu nahiyoyin, kuma irinsu ko a buɗe suke, sai ka ga sun kama 3G kawai ko sun kasa kama komai. Wannan matsala daban take da kulle, kodayake mutane kan haɗa su.

Yanzu saura gwaji, kuma a Kano za a yi shi kafin kuɗi su fita daga hannu. Ƙanenka ya kashe rutar, ya cire layin da ke ciki, ya sa na wani kamfanin dabam da wanda tambarinsa ke jiki, ko ma layin Nijar idan yana da shi. Babban layi take ɗauka, saboda haka ya nemi ƴar robar da ake ɗora ƙaramin a ciki, kuma ya cusa a hankali, don robar takan maƙale ta lanƙwasa ƙarafan ciki. Ya fara cire PIN ɗin layin a wayarsa, domin mutane kan ga an tambayi PIN su ɗauka kulle ce. Sai ya kunna, ya haɗa wayarsa da wifi ɗin, ya buɗe wannan adireshi:

```
192.168.8.1
```

Idan shafin ya fito da SIM Lock ko ya nemi unlock code, a kulle take, kuma a wurin zai ga sauran damar gwaji, wadda a irin waɗannan takan fara daga 10. Kada ya yi canke. Duk lambar da aka sa ba daidai ba tana cin dama ɗaya, idan ta kai sifili kuwa, ko lambar gaskiya ba za ta ƙara shiga ba. Idan kuma sunan kamfanin sabon layin ya bayyana tare da sandunan rezo, to a buɗe take, ko da shafuka ba su buɗe ba tukuna, saboda wannan yawanci APN ne, wato saitin intanet na kamfanin layin, ba a saita ba, aikin minti biyu ne. Kada ya dogara da jar fitila kaɗai, don takan yi ja ko da layin ne bai zauna daidai ba.

Ɗan Dakoro: Ni tawa ZTE ce ƙarama ta aljihu, a kulle na saye ta, wani yaro a kasuwa ya buɗe mini da kwamfuta a kan jaka biyu. Ta yi wata huɗu lafiya, ranar da na amince ta sabunta manhajarta sai ta koma gidan jiya. Saboda haka idan ta karɓi layin a Kano ma, a tambayi mai ita ko da lamba aka buɗe ta ko manhajar aka sauya.

Malam Sani mai gyaran waya: Tambayar tana kan hanya. Wadda aka buɗe da lambarta ta gaskiya ba ta komawa, wadda aka sauya wa manhaja kuwa sai a kiyaye ta daga sabuntawa.

Baban Nana: An gwada da yammar nan. Ta nemi unlock code, kuma sauran damar 3 ce, ke nan an riga an taɓa lalube a cikinta. Mai ita ya rage kuɗin, ya ce akwai wanda zai samo lambar daga IMEI kafin Juma'a.

Maman Abdul: To ai sai ka karɓa tunda ya rage, a nan ma ba a rasa masu buɗewa ba.

Malam Sani mai gyaran waya: Ni da ni ne, sai in ce ya buɗe ta a hannunsa tukuna, ƙanenka ya sake sa layin ya gani da idonsa, sannan a yi ciniki. Idan damar ukun nan ta ƙare a can, asararsa ce, idan ta ƙare a Maradi, taka ce.

Baban Nana: Na faɗa wa ƙanena haka. Mai ita bai amsa ba tukuna.