Hoton ciki ya nuna mace ce: a raba gadon ko a jira haihuwa?

Maman Ummi: Salamu alaikum. Mijin ƙanwata ya rasu sati uku da suka wuce, ya bar ta da cikin wata shida. Magadan su ne ita, da mahaifiyarsa, da 'yarsa ɗaya ta wajen uwargidan da ya saki, da ƙanensa shaƙiƙi. Bayan biyan bashi an ƙiyasta dukiyar naira 7,200,000. Ƙanen ya ce tunda an yi hoton ciki an ga mace ce, a ware mata kason mace a raba sauran yanzu. Haka abin yake?

Abban Sadiq: Allah Ya jiƙansa. Ni dai ban ga aibun maganarsa ba. Malaman da suka ce a jira, a zamaninsu babu na'urar da ke leƙa ciki. Yau akwai. A riƙe dukiyar mutane wata uku a kan abin da likita ya riga ya gani?

Malam Habu: Allah Ya gafarta masa. Abban Sadiq, bari mu buga lissafin tukuna, sai a ga abin da ake jira. Matar tana da tumuni, 900,000. Mahaifiyarsa tana da sudusi, 1,200,000. Waɗannan biyun kasonsu ba ya motsi ko me aka haifa, domin mamacin ya riga ya bar 'ya. Rigimar tana kan 5,100,000 da suka rage.

In mace aka haifa, 'yan matan biyu su ɗauki biyu bisa uku na dukiyar, 2,400,000 kowacce, ƙanen ya kwashi ragowar 300,000. In namiji ne, shi 3,400,000, yayarsa 1,700,000, ƙanen kuwa ko sisi ba shi da shi, ɗa namiji ya kange shi. In kuma aka haifi abin babu rai, 'yar ta ɗauki rabi, 3,600,000, ƙanen ya tashi da 1,500,000. Wato mutum ɗaya, rabonsa yana tsakanin babu, da dubu ɗari uku, da miliyan ɗaya da rabi. Hoton ciki ba zai gaya maka jaririn zai zo da rai ba, kuma sharaɗin gadonsa ke nan.

Mu nan da alƙalanmu ke hukunci da Malikiyya, maganar littafin Muhtasar a fili take: ana dakatar da rabo saboda ciki. Bashi ne kawai ba ya jira, kuma kun riga kun biya.

Hajiya Ladi: Ni ungozoma ce, shekarata ashirin da ɗoriya a ɗakin haihuwa. Hoton da ya ce namiji ya fi wanda ya ce mace tabbas, don sau da yawa "mace" na nufin mai dubawa bai hango komai ba, jaririn ya matse ƙafa ko ya juya baya. Na sha karɓar haihuwar ɗa namiji alhali uwar ta cika jaka da rigunan mata. A sayi kayan jariri da hoton, ba laifi. Amma a raba gida da shi?

Abban Sadiq: To na ji, kada a ware kason mace. A ware na namiji, tunda shi ya fi yawa. Ai akwai malaman da suka faɗi haka, ba daga kaina na ƙago ba.

Malam Habu: Akwai, kuma yanzu ka kama hanya. Fatawar Hanafiyya, maganar Abu Yusuf, ita ce a ware kason ɗa ɗaya, na namiji ko na mace, wanda ya fi tsoka, sannan a karɓi mai lamuni daga magadan da kasonsu zai ragu in aka haifi fiye da ɗaya. Hanbaliyya suka ce kason 'ya'ya biyu za a ware. Amma duba abin da hakan ke jawo wa mai gaggawar: a duk hanyoyin nan kowa ana ba shi mafi ƙarancin abin da zai iya samu, kuma mafi ƙarancin ƙanen shi ne babu. Ko a Alƙahira aka kai ƙarar, yau hannu rabbana zai koma gida.

Bayan matar da mahaifiyar, wadda za ta amfana a hanyar Hanafiyya ita ce 'yar uwargidan, a ba ta 1,700,000. In aka haifi tagwaye maza, kasonta ya sauko 1,020,000, sai a bi waliyyinta ya dawo da 680,000. Kun san yadda karɓo kuɗin da ya riga ya shiga hannu yake. Abin da Malikiyya suka guda ke nan, a yi rabo sau biyu.

Ɗan Baba: Mu a gidanmu da Baba ya rasu amaryarsa ta ce tana da ciki, aka dakatar da komai. Shekara ta zagayo, shiru, wai cikin ya kwanta. Shago biyu a kulle, kaya suka lalace. Da an raba tun farko da ba a yi wannan asarar ba. Ni duk mai cewa a jira bai ɗanɗana ba ne.

Hajiya Ladi: Naku daban ne, Ɗan Baba. A naku, tambayar ita ce akwai cikin ko babu, kuma a nan hoton yana da amfani sosai, shi da gwajin fitsari. Wannan baiwar Allah cikinta wata shida, kowa na gani.

Malam Habu: Kuma kulle shago ba ya cikin dakatar da rabo. Rabon ake tsayarwa, ba juya dukiyar ba. A sa amintacce, a rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita. Zancen kwantaccen ciki kuwa, littattafanmu sun kai iyakar ciki shekara huɗu ko biyar, dokar gado ta Masar ta 1943 ta tsaya a kwana 365. Wannan muhawara ce mai zaman kanta.

Maman Ummi: Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Abin da ke damuna shi ne cin ƙanwata da kuɗin awo. Dangin mijin sun ce ba za a taɓa ko kwabo ba. Ashe ba daga kason jaririn za a ciyar da ita ba?

Malam Habu: A'a Hajiya. Mai takaba ba ta da ciyarwa daga dukiyar mamaci ko da ciki gare ta, sai dai mazauni in gidan nasa ne ko ya riga ya biya haya, haka Risala ta kawo. Jaririn kuma bai mallaki komai ba tukuna. Mafita ita ce tumuninta. Ashhabu, almajirin Imamu Malik, yana ganin a ba mutum kason da babu shakka a kansa tun yanzu, sai dai ba shi ne mashhurin mazhaba ba. Ku kai wa alƙali a haka, ko manyan magadan su yarda a ba ta wani abu a rubuce, a cire ranar rabo.

Sannan ku kiyaye ranar haihuwa. A samu mata biyu adilai a wurin, domin shaidarsu tana isa a kan kukan jariri. In namiji ne ya yi kuka sannan ya koma, ya riga ya gaji 3,400,000, sai a raba su ga nasa magadan: uwarsa sulusi, yayarsa rabi, baffansa ragowar, wajen 567,000. In bai zo da rai ba, baffan nan 1,500,000 zai ɗauka. A wurin Malik motsi kawai ko atishawa ba su isa ba.

Abban Sadiq: Wannan na ƙarshen ne ban gamsu ba. Jaririn da aka haifa bai yi kuka ba, aka sa masa iskar oksijin, na'ura ta nuna zuciyarsa tana bugawa awa biyu, sannan ya cika. A ce bai gaji ba?

Hajiya Ladi: Irin wannan mu a takarda "an haife shi da rai" muke rubutawa, da lokacin da ya rasu.

Malam Habu: Kukan alama ce ta tabbatacciyar rayuwa, shi ya sa malamai suka karɓi doguwar shan nono a madadinsa. Ni a ganina awa biyu ana numfashi ta fi atishawa nesa ba kusa ba. Amma ko alƙali zai ɗauki takardar asibiti a matsayin shaidar mata biyu, wannan sai a gabansa. Maman Ummi, ku dai karɓi takardar, kuma ku riƙe sunayen waɗanda suka karɓi haihuwar.