Satin aikin kwana, ga kwanuka suna jirana

Maman Hanif: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ni nas ce a nan Gombe, muna zaune a Tumfure da yara 3, ƙaramar shekararta 1 da rabi. Maigidan malamin sakandare ne, ƙarfe 2 yake tashi daga aiki. Satin da nake aikin kwana nakan dawo wajen 9 na safe in tarar da kwanukan jiya da tulin wanki. In na yi magana sai ya ce "ai ba ki ce in yi ba". Ba mugu ba ne, amma na gaji. Ya za mu raba aikin ba tare da an ce na mallake shi ba?

Ummu Zahra: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ki san haƙƙinki. Girki da wanki ba wajibin mace ba ne a Musulunci, kyautatawa ce kawai. Ki faɗa masa haka ƙiri-ƙiri.

Abban Sadik: Malama Ummu Zahra, maganar ba ta miƙe haka ba. Akwai malaman da suka faɗi abin da kika ce, amma a Malikiyya da muka tashi a kai an bambanta. Idan mijin mai hali ne, matar kuma irin wadda aka saba yi wa hidima ce, shi zai samo mai aiki. In ba haka ba, hidimar cikin gida kamar girki da shara tana kanta bisa al'ada. Ranar da ta shiga da "ba wajibina ba ne", shi ma zai ɗauko "ai da izinina kike fita aiki", a kwana ana musu kwanuka na nan. Abin da ya tabbata daga Nana A'isha shi ne Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Wannan ya fi saurin shiga kunnen namiji.

Hajiya Inna: 'Yata, na yi shekara 31 ina wannan aikin kafin in yi ritaya, don haka bari in fara da tambaya. Ranar da kike asibiti, wa ke yi wa yara wanka da safe, wa ke kai su makaranta, ina ake barin ƙaramar?

Maman Hanif: Shi ne, Hajiya. Yakan shirya su, ya dama musu koko, ya sauke manyan a makaranta, ƙaramar kuma ya kai ta wajen mahaifiyarsa a Jekadafari.

Hajiya Inna: To kin gani, ba daga ƙasa za ki fara ba. Mutumin da ke tashi ya shirya yara 3 shi kaɗai kafin 7 da rabi yana aiki, kuma da wannan za ki buɗe zancen. In kin fara da "ba ka yin komai", ƙarya kika yi masa, zai riƙe ta ya manta sauran.

Ki lura da abin da ya sa na safen yake tafiya daidai: ba kya nan, ba mai tuna masa, aikin nasa ne tun daga farko har ƙarshe. Kwanuka kuwa a ransa naki ne, shi mai taya ki ne, mai taya aiki kuma sai an kira shi. Don haka ki daina roƙon "ka taimaka min". Ki ɗauki aiki guda ki miƙa masa ɗungurungum. Misali ruwa. Ba "ka kira mai ruwa" ba, a'a, ruwa nasa ne: shi zai leƙa duro, ya san ko famfo ya kawo, ya kira mai kura, ya biya. Gas ma haka, shi zai ɗaga tukunyar ya ji nauyinta kafin ta ƙare ana tsakiyar tuwo. Sai gugar kayan makaranta, wadda dama maza sun saba da ita. Waɗannan ba wanda zai gan shi yana yi ya ce an mallake shi.

Sannan ki raba da agogo. Jadawalin aikinki yana fitowa tun farkon wata, ki liƙa shi a jikin ƙofar kicin. Satin safe, girkin dare da kwanuka naki ne tunda kusan tare kuke dawowa. Satin kwana, duk abin da aka ɓata daga fitarki zuwa dawowarki nasa ne. Ke ki girka na dare kafin ki fita, shi ya wanke bayan yara sun kwanta, a cikin kicin ƙofa a rufe. Kwanukan mutum 4 ba su wuce minti 20 ba in ba a bar su sun bushe ba.

Daga 9 da rabi zuwa 1 kuwa barci ne, ba wanki ba. Wadda ta kwana tana ba da magani, ta wuni a kan bokiti, ta koma wani kwanan, wata rana za ta ɗauko allurar da ba ita ba. Ki gaya masa wannan, malami ne, zai gane.

Abu ɗaya da ke rushe tsarin nan, mu mata ne. Zai wanke tukunya ya bar maiƙo a gindinta, ki zo ki sake wankewa a gabansa kina tsaki. Shi ke nan kin karɓe aikinki. Ki nuna masa sau ɗaya, ki kau da kai.

Anti Balki: Ni ban ga abin wahala ba. Kina da albashi, ki ɗauko yarinya daga ƙauye mana.

Maman Hanif: Anti, mun gwada sau 2. Ta ƙarshen shekararta 12, ni na koma rainonta. Kuma raina bai kwanta ba, nawa suna makaranta ita tana shara.

Maman 'Yan Biyu: Ki nemi babbar mace mai zuwa ta koma, Laraba da Asabar, wanki kawai. Ni haka nake yi a Pantami. Amma ku yi maganar wa zai biya tun farko. Ni na fara biya da kaina don a zauna lafiya, yau shekara 4, kuɗin mai wanki da omo da na Islamiyya duk sun dawo kaina, in na yi magana ya ce ai ni na kawo ta. Wallahi har yanzu abin yana ci min rai. Na girki kuma, ran Lahadi nake niƙa tumatir da tattasai da attaruhu, in tafasa har ruwan ya ƙone, in soya da mai sosai. Ina ɗumamawa safe da dare saboda firij ɗinmu ado ne, yakan kai ni Laraba. In kin ga kumfa ko kin ji tsami, zubarwa za ki yi.

Abban Sadik: Ƙari kan na Hajiya, kada ki tayar da zancen a gaban yara ko da kin shigo a gajiye. Kuma in mahaifiyarsa ko abokansa suna gidan, kada ki ce "Abban Hanif, kwanukanka". Ni ina wa matata wanke-wanke, amma ranar da ta faɗa a gaban ƙanina sai da na yi wata guda ban taɓa soso ba.

Ummu Zahra: Ikon Allah. Wato ya yi aikin gidansa a ɓoye kamar mai sata? Haka 'ya'yansa maza za su tashi suna ganin abin kunya ne.

Hajiya Inna: Yaran ai suna gidan, suna gani. Baƙi ake ɓoye wa. Hanif ma in ya kai 7 ya isa ya kwashe kwanuka ya kai kicin.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun zauna jiya bayan isha. Ya karɓi ruwa da gas da guga ba musu, kwanukan satin kwana ma ya ce zai gwada. Wankin kayan ƙaramar ne ya ce sam. Mai wanki kuma ya yarda, sai dai ya ce rabi-rabi za mu biya, ni kuma ina tuna maganar Maman 'Yan Biyu, ban amsa masa ba tukuna. Litinin nake shiga kwana.