"Maƙwabcin mai akuya ya sayi kura": wa Baffa yake nufi?

Habu na Sumaila: Salamu alaikum jama'a. Maƙwabtanmu Kiristoci kullum Babbar Sallah sai sun tambaye ni abin da ya shafi layya, shi ne na yi ɗan bidiyo a waya na tura musu. Baffana ya gani muka ɗan sa-in-sa, ya tashi yana kakkaɓe riga ya ce "kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura." Faɗa ya yi min ko ƙyale ni ya yi?

Ɗan Ringim: Faɗa ne mana. Kai ne ka sayo kurar, shi kuma addini yake kallo a matsayin akuyar da za a cinye

Maman Hanifa: A'a ni ba haka na ji ba. Kowa da nasa yake nufi, su da cocinsu mu da masallacinmu, kar ka ɗauki naka ka kai musu ƙofar gida. Amma ai su suka tambaya ko Habu?

Habu na Sumaila: Wallahi su ne Mama. Matar fasto ma har gida ta aiko yaro, wai me ya sa muke dawowa daga idi mu tsaya da wuƙa a hannu ba ma yankawa sai an ce liman ya yanka

Malam Na Tsangaya: To ka ga tambaya mai kyau kenan, kuma ita ya kamata ka gina bidiyon a kanta, kar ka ce duk babin layya za ka zuba a minti ɗaya da rabi. A mazhabar Malikiyya wanda ya riga liman yanka nama kawai ya ci, ba layya ba, sai ya sake. Kwanakin uku ne, 10 ga Zulhajji da biyun da ke biye, kuma da rana. In ni ne kai zan tsaya gefen ragon a turke da safe kafin yara su cika gida da hayaniya, in nuna idonsa biyu lafiya, in ja shi taku biyu a ga ba ya ɗingishi, in buɗe bakinsa a ga manyan haƙoran nan biyu na gaba sun fito alamar ya haura shekara, sai in ce mai ido ɗaya da gurgu da mara lafiya da ramamme ba a kai su gaban Allah. Daga nan su da kansu za su gane ashe ibada ce mai dokoki irin na sallah, shi ya sa ake bin liman. Ka rufe da ayar Suratul Hajji ta 37, cewa ba naman ba ne ke isa ga Allah kuma ba jinin ba, taƙawa ce. Wajen yankan kuma kashe waya, da yara ake kallo, sai an gama fiɗa ka ci gaba

Bulus Rano: Malam ya yi gaskiya, na ga bidiyon a wayar ƙanwata kuma na ji daɗinsa sosai. Abu ɗaya ne Habu, ka ce "kamar yadda kowa ya sani Isma'ila aka ce a yanka". Mu a Farawa sura 22 Ishaku muke karantawa. Da ka ce "a wajenmu Musulmi Isma'ila ne" da ba wanda zai ji komai, tunda ragon fansar duk mun yarda da shi. Wani dattijonmu daga nan ya daina saurare

Ɗan Ringim: To kun gani, kurar ta fara leƙo kai

Bulus Rano: Haba Ɗan Ringim, gyara na kawo ba gardama ba

Sale Mai Taki: Ni dai wannan karin maganar a kaina ta faɗa, akuyoyin maƙwabcina sun cinye min wake bara kaf har gaban mai unguwa muka je, da ina da kuɗin kura wallahi da na saya

Maman Hanifa: Sale ba maganar gona ake ba 😂 Bari in ba ku labarin kakata Iya, Allah ya jiƙanta. A ƙauyenmu akwai wata Bamagujiya da katanga ɗaya ta raba su, tun tana dafa burkutu har ta shiga coci ta bari. Wata Sallah ta zo ta ce a sayar mata da fatar ragon za ta yi wa mijinta buzu, ta kwance bakin zani ta fito da kuɗi, Iya ta ce ba ta sayarwa ba ce, shi kenan ba ta ƙara ko kalma ba don tana fama da kayan ciki a wuta. Matar nan ashe ta tafi da shi a rai wai ƙyamar kuɗinta ake. Ta daina shigowa ɗiban wuta, ta daina aron turmi, har ƴarta ta haihu ba ta aiko ba, Iya tana ta mamaki me na yi wa baiwar Allahn nan. Sai da kaka ta yi suka haɗu a masussuka maganar ta fito, Iya ta dafa ƙirji ta ce ke ko Sarkin Kano ne ya zo da kuɗi ba a sayar da fatar layya, ko nama, ko mahaucin da ya feɗe ba a biyansa lada da ita, kyauta ake yi. Matar ta zauna a kan dami tana kuka. Tun daga nan duk Kirsimeti kaza mai rai take kawowa Iya, ta ce ku yanka da hannunku. Ni da idona na ga kazar, ƙafa a ɗaure da tsumma

Ɗan Ringim: Allah ya jiƙan Iya. Amma tsaya Malam, ni na taso ina jin haramun ne a ba wanda ba Musulmi ba naman layya

Malam Na Tsangaya: Ba haramun aka ce ba. A littattafanmu na Malikiyya karhantawa aka yi a aika masa har gida, in ya zo ya ci tare da iyalinka ba komai, kuma wasu mazhabobin sun halatta kai tsaye. Abdullahi bin Amr an yanka akuya a gidansa ya dinga tambaya an kai wa maƙwabcinmu Bayahude, sai dai ba a ce ta layya ce ba. Ina jin nan ne Baffan Habu ya tsaya

Habu na Sumaila: Ai kuwa ƙarshen bidiyon yara ne da tire za su gidan fasto

Kawu Direba: Ku kuna ta akuya ɗaya, mu da muka saya wa kanmu kuraye da taliya da atamfa ranar zaɓe fa? Wani ya raba raguna biyar a mazaɓa an ɗauki hoto ya fi ɗari, asibitinmu ko allura babu

Sale Mai Taki: Namu ragon ma bayan hoto mota aka mayar da shi

Bulus Rano: Habu in za ka yi na biyu ka faɗa mana me ya sa ake rataye naman ya kwana ba a taɓa shi sai washegari, mu mun ɗauka doka ce

Malam Na Tsangaya: Wannan al'adarmu ce kawai Bulus, ya tsane ya yi daɗin suya. Ka faɗa musu haka Habu, kar ka jingina wa addini

Maman Hanifa: Ni dai har yanzu ina ganin da kansa Baffa yake, shi ya zaɓi shiru kai ka zaɓi waya

Ɗan Ringim: To a cikinsu wa ke da akuyar? Kawu kai da kake hanya, nawa matsakaicin rago ya kai a Maigatari ranar Alhamis ɗin nan