Shekara 11 a shagon mahaifina: yaya zan rubuta su a takardar neman aiki?

Assalamu alaikum. Daga 2013 zuwa 2024 ni nake kula da shagon atamfa da shadda na mahaifina a Kantin Kwari. Littafin bashi yana hannuna, ni nake ƙirga dila idan mota ta sauke kaya, yaran shago huɗu ni nake biyansu, kuma ni nake lodi wa 'yan sari masu zuwa daga Maraɗi da Damagaram. Yanzu ina neman aikin kula da sito a kamfani, amma na cije a gurbin ƙwarewa.

Da farko na rubuta "mai taimaka wa mahaifi a kasuwa". Wuri shida na kai, ba wanda ya kira ni. Sai na mayar da shi "Manaja", aka kira ni ganawa sau ɗaya. Matar da ta gana da ni ta nemi takardar ɗaukar aiki da shaidar albashi, ni kuwa ban taɓa karɓar albashi ba, abin da nake buƙata nake ɗauka, Baba ya sani. Ta duba wasiƙar shaida, ta ga sunan mai sa hannu shi ne sunan mahaifina, sai ta ajiye biro. Shagon kuma ba shi da rajista da CAC, littattafanmu duk da hannu aka rubuta su.

Ƙarya ce ba na so in yi. Wane muƙami zan saka, kuma wace shaida ce ma'aikata za ta karɓa a madadin takardar albashi idan mai shagon ubana ne?