Taken saƙo ne ke kai rahoto Spam, ko wani abu daban?

Hamadu (Garwa): Assalamu alaikum. Manhajar shagonmu tana tura rahoton ciniki da na kayan sito ta imel kullum ƙarfe 6 na safe, zuwa ga mutum 14 a Garwa, Marwa da Kusuri. Takensa `RAPPORT URGENT!!!`, cikinsa layi ɗaya ne da PDF. Na mutum 9 yana faɗawa Spam, sauran ma ba su buɗewa. An ce mini taken ne kaɗai matsalar, in gyara shi shi ke nan. Haka ne?

Umaru: Wa alaikumus salam. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Manyan baƙaƙe daga farko har ƙarshe, alamar motsin rai har uku, ga `URGENT`, ai kamannin saƙon 'yan damfara ke nan sak. Ka mai da shi `Rapport du jour`, gobe za ka gan shi a akwatin kowa.

Malam Isiyaku (Ngawundere): Umaru, ka riƙe jela ka saki kai. Gaskiya ne SpamAssassin, manhajar tace saƙonnin shara, yana da ƙa'ida mai suna `SUBJ_ALL_CAPS` da ke ƙara wa saƙo maki idan takensa duk manyan baƙaƙe ne, amma a tsarinsa na asali sai maki ya kai 5 ake kiran saƙo shara, kuma wannan ƙa'idar ita kaɗai ba ta kai shi can. Gmail kuwa kafin ya damu da abin da ka rubuta, tambayarsa ta farko ita ce: wa ya aiko, kuma da izinin wa? Tun watan Fabrairu na 2024 Google ya wajabta wa duk mai aika wa masu Gmail saƙo ya kasance yana da SPF, wato jerin sabobin da aka yarda su aika da sunan domen ɗinsa, ko DKIM, wato sa hannun domen ɗin a kan saƙo, ko da saƙo goma yake turawa a rana. Masu tura 5,000 a rana su ne aka ɗora wa duka biyun haɗe da DMARC, ƙa'idar da ke gwada su da adireshin `From`.

Hamadu, kada mu yi ta harbin iska. Ka sa ɗaya daga cikin mutum taran nan ya buɗe saƙon a kwamfuta, ba a waya ba, ya danna ɗigo ukun da ke gefen saƙon, ya zaɓi `Afficher l'original`. Ka kawo mana abin da ke saman shafin.

Hamadu: Ga shi, Malam. Na sauya sunayen. Layin DKIM babu shi sam.

```
From: rapport@example.com
spf=pass smtp.mailfrom=serveur12.example.net
dmarc=fail header.from=example.com
```

Umaru: To ai ga `spf=pass` nan ɓaro-ɓaro. Ya ci jarrabawar. Mun dawo kan maganata.

Malam Isiyaku: Ya ci, amma da sunan wani ya shiga ɗakin. Dubi abin da ke gaban `smtp.mailfrom`. Kowane imel adireshi biyu gare shi: na bayan ambulan, wanda sabobi ke dubawa, da na `From` wanda mai karatu ke gani. SPF na bayan ambulan yake tantancewa. A nan na bayan ambulan na kamfanin da ke ba su masaukin shafi ne, shi kuma na `From` na shagon ne. DMARC yana neman ɗaya daga cikin biyu: ko SPF ya yi nasara da sunan domen ɗin da ke `From`, ko a sami sa hannun DKIM na wannan domen ɗin. A saƙon Hamadu babu ko ɗaya. A idon Gmail, wani ne ya zo daga wani gida yana cewa shagon ne ya aiko shi, ba takarda ba hatimi.

Na kusa rantsewa manhajar da `mail()` na PHP take turawa, don abin da yake yi ke nan a masaukin da ake haɗaka. Kuma a irin wannan masaukin adireshin IP ɗaya kuke ci da ɗaruruwan shafuka, in maƙwabcinka ya tura shara, warin har kai.

Gyaran ba dogo ba ne. Ka buɗe akwatin imel na gaske mai wannan adireshin, ka sa manhajar ta riƙa shiga da suna da kalmar sirri ta SMTP a ƙofa ta 587, kamar yadda mutum zai yi. In da cPanel kuke sarrafa masaukin shafinku, akwai shafin `Email Deliverability`, zai nuna maka ko DKIM da SPF suna daidai, ya ba ka abin da za ka saka a DNS. Abu ɗaya da nake gargaɗi a kai: kada ka ƙara sabon layin SPF a bar tsohon. Domen ɗaya layin `v=spf1` ɗaya ne. In suka zama biyu, sakamakon `permerror` ne, ka ga an gudu ba a tsira ba. Haɗe su za ka yi a layi guda. DMARC ɗinka kuma ka bar shi a `p=none` har sai ka ga `dmarc=pass` na kwanaki a jere.

Alhaji Bello: Ni duk wannan wahalar ta mece ce? Ku tura a WhatsApp mana, kowa yana can.

Hamadu: Alhaji, mai duba lissafinmu a imel yake son su, don ya nemo na wata shida baya cikin sauƙi.

Hajiya Zainabu (Njamena): Malam Isiyaku, na yarda da kai a kan mutum taran. Amma ka tsallake rabin tambayar. Mutum biyar saƙon yana isa gare su lafiya lau kuma ba su buɗewa. Wannan DKIM ba ya maganinsa, a nan Umaru yana da gaskiya ko da hujjarsa ba ita ba ce. Kuma abubuwan biyu ba su rabu ba kamar yadda kake nunawa: saƙon da kullum ake sharewa ba a buɗe ba, ko wani ya gaji ya danna masa alamar shara, rariyar Spam ta Gmail tana koyo daga hakan.

Matsalar takenka, ƙanena, ba ihun kaɗai ba ce. Bai faɗi komai ba, kuma jiya da yau da gobe duk iri ɗaya ne. Gmail yana iya cusa saƙonni masu take ɗaya daga mai aikawa ɗaya cikin zare guda, har ya ɓoye layukan da suka maimaitu a bayan ɗigo uku. Mai kula da reshen Marwa ya duba waya, ya ga abin da ya gani jiya, ya wuce. Abin da ake kira gaggawa kwana talatin a wata kuwa, ranar da gaggawar gaske ta zo ba mai waiwaya.

Allon waya yana nuna baƙaƙe wajen 30 zuwa 40 na take kafin ya datse. Saboda haka abin da ya bambanta yau da jiya shi za ka sa gaba. Kamar haka:

```
Marwa 14/03: sukari saura buhu 6
Marwa 15/03: komai daidai
```

Sunan shago kada ya ci maka wuri a take, ka sa shi a sunan mai aikawa, kuma kada ka riƙa canza shi. Na biyun nan ma yana da amfani: ranar da ba abin dubawa ka faɗa a take, mutum ya huta. In ya saba kana gaya masa gaskiya, ranar da ya ga buhu 6 zai buɗe.

Sai cikin saƙon. Layi ɗaya da PDF shi ne fasalin saƙon takardar kuɗin bogi da ’yan damfara ke yawo da shi, kuma mutumin da ke Kusuri da rezo mai zuwa da dawowa ba zai tsaya sauke fayil don ganin lamba uku ba. Ka fito da lambobin cikin jikin saƙon: layin farko jimillar cinikin jiya da sefa da abin da ke bukatar mataki, domin shi ne ke fitowa a ƙarƙashin take kafin a buɗe. Bayansa ɗan tebur mai shafi uku ko huɗu, faɗinsa kada ya wuce 600px, na HTML zalla, ba hoton tebur ba. PDF ya zauna a ƙasa don mai duba lissafi.

Malam Isiyaku: Ban ƙi ba, Hajiya. In ƙara biyu a kan fasalin. A tura shi `multipart/alternative`, wato da kwafin rubutu zalla tare da na HTML. Sannan kada Hamadu ya ji an ce a sa lambobi a jiki ya juye duk kayan sito dubu biyu a ciki. Da HTML ya haura kusan 102 KB, Gmail zai yanke shi ya rubuta `[Message tronqué]`, kuma yawanci jimilla a ƙasa take, ita za ta ɓace. Layi ashirin da suka fi muhimmanci sun isa.

Umaru: Ni na taɓa sa taken da Hausa, sai ƙ ta fito wasu alamomi kamar rubutun aljanu. Shi ya sa na ce a bar shi da Faransanci.

Hajiya Zainabu: Faransancin ma é ɗinsa haka za ta yi. Ba laifin harshen ba ne. Layin take a asalinsa baƙaƙen ASCII kawai yake ɗauka, duk abin da ya fita daga nan sai an naɗe shi, ya koma wani abu mai farawa da `=?UTF-8?B?` ko `=?UTF-8?Q?`. PHPMailer, kayan aikin tura imel na PHP, yana yi da kansa in ka sa masa `CharSet` ya zama `UTF-8`. Tunda Hamadu zai koma SMTP, jifa ɗaya ce tsuntsu biyu.

Malam Isiyaku: Inda ban bi ki ba shi ne saka lambobi a take da layin farko. Waya tana kan tebur a shago, allo a kulle, saƙo ya shigo, yaron shago da mai saye duk sun karanta cinikin jiya. Buhun sukari ba komai. Kuɗi kuwa ni ba zan sa ba.

Hajiya Zainabu: A take ban sa kuɗi ba, ka sake dubawa. A layin farko kuwa ina nan kan bakana. Wanda ke tsoron idon mutane ya ɓoye sanarwar allon kulle a wayarsa. In ka binne lambar, ka koma gidan jiya, ba mai buɗewa.

Malam Isiyaku: Mutum 14 za ki bi ki gyara wa waya ɗaya bayan ɗaya? Sai dai Hamadu ya tambayi maigidansa, kuɗinsa ne.

Hamadu: Zan tambaye shi. Amma ta yaya zan san an fara buɗewa? In sa ɗan hoton nan mai ƙirga?

Hajiya Zainabu: Kada ka wahala. Tun 2021 manhajar Mail ta iPhone tana iya sauke hotunan saƙo da kanta ko ba a buɗe ba, Outlook kuma yakan toshe su ko an buɗe, lissafin zai yi maka ƙarya ta gaba da ta baya. Mutanenka 14 ne, ba dubu ba. Bayan ka gyara, kowa ya shiga Spam ya fito da tsofaffin rahotannin ya nuna ba shara ba ne, ya adana adireshin cikin abokan hulɗarsa. Kuma ka tura wa kowa nasa daban da reshensa a take, ba ka jera su duka a `Cc` ba.

Umaru: Duk da haka dai taken an canza shi. Ku rubuta ku ajiye.

Malam Isiyaku: An canza. Amma Hamadu, don Allah ka fara gyara SMTP ɗin kaɗai, ka bar `URGENT` ɗinka kwana uku yadda yake, ka kawo mana `Afficher l'original` na ranar ta uku da adadin waɗanda ya faɗa wa Spam. Sannan ka taɓa taken. In ka canza duka rana ɗaya, ni da Umaru ba za mu taɓa sanin wa zai sayi shayi ba.