Injin caji ya ce kilowat 22, motata tana shan 7 kawai

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata mai amfani da lantarki ce, batirinta kilowat-awa 60 ne. Na jona ta a injin da aka rubuta AC 22 kW a jikinsa, amma allon mota bai wuce 7 ba. A injin DC mai 150 kuwa ta fara da 95, da ta haura kashi 80 sai ta sauko 30. Matsala gare ta ne? In kai ta wurin gyara?

Baban Yusra: Wa alaikumus salam. Hajiya, wayar cajinki ce siririya. Ki sayi mai kauri, za ki ga 22 ɗin cif.

Injiniya: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, alamu sun nuna lafiyar motar ƙalau. Baban Yusra, waya takan rage gudu, gaskiya ne, domin akwai mai ɗaukar amfiya 16 akwai mai 32. Amma 7 ɗin nan da ta gani ta nuna da alama ba sirantar wayar ba ce matsalar.

Batir ba ya karɓar wuta sai DC, wadda ke tafiya gefe guda. Wutar da ke zuwa daga turke kuwa AC ce, mai kai da komo. Dole a juya ta kafin ta shiga batir, kuma bambancin cajin biyun duk yana kan wurin da ake juyawar. A cajin AC, injin da kike gani a tsaye miƙo wuta kawai yake yi, ainihin cajar tana cikin motarki. Ba a yin ta da girma saboda nauyi da zafi da wurin da za ta ci. Taki da alama mai layi ɗaya ce: bolt 230 sau amfiya 32 ya ba da kusan kilowat 7.4. Injin yana kai 22 ne idan mota ta ja daga layuka uku a tare, taki kuwa ɗaya take iya ja. In haka ne, ko wace irin waya kika sa, ba za ta wuce nan ba. Duba takardar motar, za ki ga ƙarfin cajar ciki a rubuce.

Wani abin da ke rikita mutane ma, idan kika kai irin wannan mota injin AC mai 11, kusan 3.7 za ki samu, domin amfiya 16 yake bayarwa a kowane layi.

A DC, babbar cajar tana cikin injin tashar, wutar ta tsallake cajar cikin mota ta nufi batir kai tsaye. Ga lissafi: daga kashi 20 zuwa 80 na batirinki kilowat-awa 36 ne. A kan 7 zai ɗauki awa biyar da 'yan kai, har da abin da ke salwanta ta zafi. A DC, idan matsakaicin gudun ya kama 70, kusan rabin awa ne.

Maman Hanifa: Na gode Injiniya, Allah ya saka. To saukowar nan zuwa 30 fa?

Injiniya: Amin. Motar ce da kanta ta nemi a rage. Akwai na'urar da ke kula da batir, ita ke faɗa wa injin yawan wutar da zai turo. Kamar ɗura ruwa a kwalba ne, idan ya zo wuya sai a sassauta. Batir in ya kusa cika aka ci gaba da danna masa wuta da ƙarfi, sinadarin litiyom yakan taru a inda bai kamata ba, ƙarfin batirin ya ragu har abada. Shi ya sa a tafiya ya fi a cire a 80 a kama hanya. A AC ba ki cika ganin saukowar ba sai dab da cika, tunda 7 ba ta kai abin da batirin zai ƙi ba.

Abin da zai sa ki damu shi ne batir yana kashi 20, babu sanyi babu zafi mai tsanani, kin gwada injinan DC daban-daban, amma duk ta maƙale a kilowat 20 ko 25. Wannan kam a duba ta.

Auwal: Ni tawa ran da aka yi sanyi sosai ko 40 ba ta kai ba a DC, washegari da rana a inji ɗaya ta haura 100. Wani lokacin ma da wata mota ta jona a gefena sai tawa ta ragu.

Injiniya: Batir mai sanyi a hankali yake karɓa. Wasu motocin suna ɗumama shi idan ka sa tashar caji a taswirarsu tun kana hanya. Na biyun kuwa, wasu injinan suna raba ƙarfinsu tsakanin motoci biyu.

Baban Yusra: Ni dai an ce mini DC yana kashe batir, shi ya sa ban taɓa kusantarsa ba.

Auwal: Kullum da shi nake caji saboda yanayin aikina, kuma har yanzu nisan da take kai ni bai ragu yadda zan lura ba.

Injiniya: Zafi da yawan barin batir a cike su ma suna tsufar da shi, kuma illar DC ta danganta da yadda motar ke sanyaya batirinta. Ni dai idan mota za ta kwana a ajiye, AC nake sa mata. Auwal, taka da ruwa ake sanyaya batirinta ko da iska?